Takardar Shaidar Mai Gidan Abinci ga Tsohon Yaron Sabis

Takardar shaidar aiki wasiƙa ce da tsohon maigida yake rubutawa a kan mutumin da ya yi masa aiki, domin wanda ke shirin ɗaukarsa ya san ko wane ne tun kafin ya miƙa masa amana. A harkar gidan abinci ta fi shafar yaron sabis, wato ma'aikacin da ke karɓar odar kwastoma, ya kai kicin, ya kawo abinci tebur, sau da yawa kuma shi zai karɓi kuɗi ya mayar da canji. Ana kiransa yaro ko da ya haura shekara talatin, domin suna ne na matsayi a wurin aiki. Sana'arsa ba ta da takardar makaranta da za ta nuna ya iya ta. Wanda ya shekara uku yana ɗaukar tire da wanda ya fara jiya duk ɗaya suke a idon manajan da bai san su ba, sai dai idan ɗayansu ya zo da shaidar wanda ya ga aikinsa.

A ƙananan gidajen abinci na Kano ko Zariya ko Maradi, wannan shaida ta baki ce. Wani ya kawo ƙanensa, ko mai dafa abinci ta ce ta san yaron tun a tsohon wurinsu, shi ke nan an ɗauke shi. Takarda tana shigowa ne idan yaron ya nufi inda ba a san shi ba kuma ba a san maigidansa ba: babban otal a Abuja ko Legas, kamfanin da ke ciyar da ma'aikata, ko masu abincin biki da taro. Irin waɗannan wurare suna da ofishin ɗaukar ma'aikata, kuma ofishin fayil yake buɗe wa kowa. A Najeriya yawanci da Turanci ake rubuta takardar, a Nijar kuma da Faransanci, amma abin da ya kamata ta ƙunsa bai dogara da harshe ba.

Ta fuskar doka, ƙasashen biyu sun bambanta. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta na 1974 ne, ta wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, amma ba ta ɗora masa rubuta takardar shaida ba idan sun rabu.  A Nijar kuwa, inda dokar aiki ta bi tsarin Faransa, dole ne maigida ya ba ma'aikacin da ya bar aiki takarda mai nuna ranar da ya shiga, ranar da ya fita, da irin ayyukan da ya riƙe. Wannan takarda ba ta yabo ba ta suka, tarihin aiki kawai take faɗa. Wasiƙar da ta bayyana hali da ƙwarewa wani abu ne daban, kuma wannan sai maigida ya ga dama.

Daga nan ake gane cewa takardar iri biyu ce. Akwai gajeriya, wadda ke tabbatar da cewa wane ya yi aiki a nan daga lokaci kaza zuwa kaza a matsayi kaza. Akwai kuma cikakkiya, wadda maigida ke ƙara abin da ya gani na aikin yaron da halinsa. Cikakkiyar ita ce ke samar da aiki, ita ce kuma ke da wuyar rubutawa.

Kafin ya karanta, sabon manaja yana da tambayoyi a ransa, kuma ba su da yawa. Yana so ya san ko yaron ya yi aikin da ya ce ya yi, na tsawon lokacin da ya faɗa. Yana so ya san ko za a iya barinsa da kuɗi. Sai kuma yadda yake idan wuri ya cika, kicin ya makara, kwastoma ya fara ɗaga murya. Daga ƙarshe, yadda aka rabu. Takardar da ta cika shafi da cewa yaro ne nagari, mai ladabi da biyayya, mai ƙwazo da riƙon amana, ba ta amsa ko ɗaya daga ciki ba. Kusan kowace takarda da ke kan teburin manajan haka take cewa, har da ta jabu, domin kalmomin yabo ba sa buƙatar a san mutum. Abin da ke ba takarda nauyi shi ne bayanin da ba mai iya rubuta shi sai wanda ya tsaya a wurin, kuma wanda za a iya bincikawa a tabbatar.

A ɗauka akwai wata Hajiya mai gidan abinci a Kano, mai tebur goma sha huɗu da ma'aikata tara. Wani yaro ya fara mata aiki a watan Maris na 2021 a wajen wanke-wanke, a watan Oktoba na shekarar aka mayar da shi sabis, ya bar aiki a ƙarshen Yuni na 2024. Bayan wata biyu ya dawo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, alfarma na zo nema. Wani otal a Abuja sun ce in kawo takarda daga inda na yi aiki." Abu na farko da ya kamata ta yi ba rubutu ba ne. Ta tambaye shi wane aiki yake nema a can, kuma sunan wane ofishi za a sa. Idan sabis ne a ɗakin cin abinci na otal, abin da za a fito da shi daban. Idan kashiya ne, maganar kuɗi ce za ta zo gaba.

Na biyu, ta buɗe littafin albashi ta ciro watannin, kada ta dogara da abin da ta tuna. Wannan ƙaramin abu yana kayar da masu neman aiki fiye da yadda ake zato. Yaro ya rubuta a takardar neman aikinsa cewa ya fara a 2021, Hajiya ta rubuta 2022 bisa kuskure, manajan da bai san su ba ba zai ɗauka mantuwa ce ba, zai ɗauka ɗayansu ya yi ƙarya, kuma ba Hajiya zai zarga ba. Haka nan idan yaron ya roƙa a ƙara masa shekara, ko a ce shi ne shugaban masu sabis alhali bai taɓa zama ba, ba taimakonsa aka yi ba. Otal zai ɗora masa aikin shugaba, makon farko asiri ya tonu.

Ga yadda ma'anar takardar za ta kasance, bayan an sa sunan gidan abincin da adireshinsa da kwanan wata a sama:

"Zuwa ga Manajan Ma'aikata. Ni ce mai wannan gidan abinci, kuma ni nake kula da ma'aikata da kaina. Wane ya yi aiki a ƙarƙashina daga Maris 2021 zuwa Yuni 2024. Ya fara a wanke-wanke, bayan wata bakwai na mayar da shi sabis. Yana riƙe tebur biyar daga cikin goma sha huɗu, daga sha biyun rana zuwa goman dare, kwana shida a mako. Yana karɓar oda da Hausa da Turanci, yana karɓar kuɗi hannu da kuma na POS, yana miƙa lissafi ga kashiya kowane dare. Daga 2023 na ba shi makullin buɗe wuri da safe. A watan azumi, lokacin buɗa-baki da wurin ke cika gaba ɗaya cikin 'yan mintoci, shi nake sa wa teburan bakin ƙofa, domin ba ya rikita oda kuma ba ya mayar wa kwastoma magana. Shi ya koya wa sababbin yara uku aiki. Ya bar aiki da kansa domin neman wuri mafi girma, ya kuma sanar da ni wata guda kafin ya tafi. Da zai dawo, zan sake ɗaukarsa. Ana iya kirana a wannan lamba." Sai suna, matsayi, sa hannu da hatimi.

Takardar ba ta kai shafi guda ba, kuma ba ta ce yana da amana ba ko sau ɗaya. Ta ce an ba shi makulli, wanda ya fi ƙarfi, domin mai gidan abinci ba ta ba ɓarawo makullin wurin da firji da tukunyar gas da buhunan shinkafa suke. Ba ta ce yana da ƙwazo ba. Ta faɗi tebur nawa, awa nawa. Duk manajan da ya taɓa aikin ya san abin da tebur biyar ke nufi a lokacin cunkoso, zai kuma iya kwatanta shi da abin da yake buƙata a nasa wurin. Hawa daga wanke-wanke zuwa sabis shi ma shaida ne, don haka bai kamata a ɓoye shi ba, ko da yaron yana jin nauyin a ambata. Jimlar farko ma tana da aikinta: ta nuna mai rubutun ta ga aikin da idonta. Idan mai wurin ba ya zama, manaja ne ke tafiyar da komai, to manajan ne ya fi cancanta ya rubuta, ko kuwa maigidan ya tambaye shi kafin ya sa hannu.

Maganar sanarwa kafin tafiya tana da ma'auni a doka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta sa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Yaron Hajiya ya yi shekara uku da 'yan watanni, don haka mako biyu ke kansa, ya ba da wata guda. A sana'ar da yara kan karɓi albashi ranar Asabar a neme su ranar Litinin a rasa, wannan layi ɗaya yana da daraja a wurin mai ɗaukar aiki.

Akwai abubuwan da ba su da gurbi a takardar. Albashinsa, sai dai in shi ya nemi a sa. Rashin lafiyar da ya yi, bashin da ya ci, rigimar gidansu, ƙabilarsa ko addininsa: ba ɗayansu da ya shafi ɗaukar tire. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, kuma bayanin lafiya da na addini suna cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kai. Idan otal yana son sanin lafiyar mai taɓa abinci, asibiti zai tura shi gwaji, ba tsohuwar uwar ɗakinsa zai tambaya ba.

Inda aikin ya fi wuya shi ne idan yaron yana da tabo. A ce a shekararsa ta farko yana yawan makara, aka ja masa kunne, ya gyara, shekara biyu bai sake ba. Wannan ya wuce, ba dole a rubuta shi ba, sai dai kuma kada a rubuta cewa bai taɓa makara ba. A ce kuma wani dare a 2023 lissafi ya yi giɓin naira 18,000, mutum uku ne suka taɓa akwatin kuɗi a ranar, aka yi bincike ba a gano kowa ba. Hajiya tana iya yin zarginta a zuci, amma zargi ba shaida ba ne. Idan ta rubuta cewa kuɗi sun taɓa ɓata a hannunsa, ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba, kuma ta rufe masa ƙofa a kan laifin da mai yiwuwa na wani ne. Idan zargin ya hana ta sakin jiki ta yabe shi a kan kuɗi, sai ta tsaya ga abin da ta sani: yana karɓar kuɗi, yana miƙa lissafi kowane dare.

Daban ne idan an kama shi dumu-dumu, misali yana karɓar kuɗin kwastoma ta asusunsa maimakon na gidan abinci, ya amsa, aka sallame shi. A nan maigida yana da hanya biyu masu tsabta: ya ƙi rubutawa, ko ya ba da gajeriyar takarda mai kwanan wata da matsayi kawai. Hanyar da ba ta da tsabta ita ce ya rubuta masa yabo don tausayi, ko don 'yan uwansa sun zo sun ba da haƙuri. Al'adar rufa wa mutum asiri tana da ƙarfi, kuma tana da kyau a inda ta dace, amma rufa asiri shi ne a yi shiru, ba a shaidi abin da aka san ƙarya ne ba. Wanda zai biya kuɗin wannan tausayi shi ne sabon maigidan da ya yarda da takardar. Masu ɗaukar aiki da suka daɗe a harka sun iya karanta shiru: takardar mai karɓar kuɗi da ba ta ce komai a kan kuɗi ba, ko ba ta faɗi dalilin rabuwa ba, tana sa su ɗaga waya.

Doka ma ta san wannan nauyi ta ɓangare biyu. A 1994 kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin, wato Majalisar Iyayen Ƙasa, ta yanke hukunci a shari'ar Spring da kamfanin inshora na Guardian Assurance. Kamfanin ya ba da shaida a kan wani tsohon ma'aikacinsa cewa ba mai gaskiya ba ne, ba tare da an binciki zargin yadda ya kamata ba, mutumin ya rasa aikin da yake nema. Kotun ta ce mai rubuta shaida yana da alhakin yin taka-tsantsan ga wanda yake rubutawa a kansa, kuma ana iya neman diyya idan ya yi sakaci. Hukuncin bai zama dole a kan kotunan Najeriya ba, amma irinsa suna dubawa su yi la'akari da shi, tun da tushen dokar ɗaya ne. Akwai kuma dokar ɓata suna: mai ba da shaida yana da kariya idan ya faɗi abin da ya yi imani gaskiya ne ga wanda ke da haƙƙin ji, amma kariyar tana faɗuwa idan ƙeta ce ta sa shi. Da wuya yaron sabis ya kai maigidansa kotu, ba shi da kuɗin lauya. Wannan ne ma ya sa nauyin ya fi yawa a kan mai rubutun, domin kusan ba mai gyara masa kuskure.

Wani ruɗani da ke yawan faruwa shi ne haɗa takardar shaida da fom ɗin mai tsayawa. Otal-otal da kamfanoni da dama a Najeriya suna ba sabon ma'aikaci fom ya kai wa mutum ɗaya ko biyu su tsaya masa, da hotonsu da kwafin katin shaidarsu. Mai ba da shaida yana magana ne a kan abin da ya wuce. Mai tsayawa kuwa alkawari yake ɗauka a kan abin da bai zo ba, sau da yawa har da cewa zai nemo ma'aikacin ko ya biya asara idan ya gudu da kaya. Yaro yana iya kawo takardun biyu a ambulan ɗaya, ya ce duk sa hannu ne kawai. Ya kamata maigida ya karanta fom ɗin layi-layi, ko ya sa a karanta masa, ya ga ko akwai iyakar kuɗi da iyakar lokaci. Yana iya rubuta shaida da zuciya ɗaya ya kuma ƙi tsayawa, ba tare da ɗayan ya ƙaryata ɗayan ba.

A ɓangaren mai karɓa, takarda mafarin bincike ce. Kowane shagon buga takardu yana iya ƙirƙiro kan wasiƙa mai tambari cikin rabin awa, hatimin roba ma ba tsada gare shi ba. Alamun jabu sanannu ne: yabo mai yawa babu adadi ko ɗaya, adireshi marar lambar gida, mai sa hannu marar matsayi, ko lambar waya da idan an kira sai a ji muryar saurayi yana in-ina a kan abin da aka ce shi ya rubuta. Manaja mai lura yakan nemo lambar gidan abincin ta wata hanya, ko ya duba sunansa a rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, ko da yake rashin rajista ba ya nufin wurin babu shi, domin ƙananan gidajen abinci da yawa ba su yi ba. Idan ya samu mai wurin, ba ya karanta mata abin da ke takarda. Yakan ce, "Hajiya, barka da aiki. Wane ya ce ya yi aiki a wurinki. Daga yaushe zuwa yaushe ne? Tebur nawa yake riƙewa?" Sannan ya rufe da tambayar da ta fi kowacce: "Da zai dawo, za ki ɗauke shi?" Amsar da ta zo nan take daban take da wadda aka fara da "to, ai ka san yaran yanzu." Saboda haka ya kamata mai rubutawa ta ajiye kwafi, don abin da za ta faɗa a waya ya dace da abin da ta sa wa hannu.

Masu gidajen abinci da yawa ba sa rubuta Turanci, kuma ba aibu ba ne wani ya rubuta musu. Sharaɗin shi ne bayanin ya fito daga bakinsu, a fassara musu abin da aka buga kafin su sa hannu. Abin da ke lalata takarda shi ne a ce wa mai shago ya buga irin wadda ya saba, domin zai ciro tsohuwa ya canza suna, manajan otal kuwa ya riga ya ga irinta sau da yawa. Idan yaron ne ya zo da daftarinsa, a duba watanni da matsayi a littafi, a cire abin da ba a gani ba.

Takardar da aka rubuta wa ofishi ɗaya da suna ta fi ƙarfi, amma can kaɗai take aiki. Wadda aka rubuta ga duk wanda abin ya shafa tana zagayawa wurare da yawa, don haka yaron ya riƙe ta asali ya riƙa ba da kwafi. Lokacin da ya fi dacewa ya nema shi ne makon da yake barin aiki, tun littafin albashi yana kusa kuma maigida bai manta ba. Gidajen abinci suna rufewa ko su canza hannu, lambobin waya suna mutuwa. Idan wurin ya riga ya rufe, tsohon mai shi yana iya rubutawa da sunansa, ya faɗi sunan wurin da shekarar da ya rufe, ya sa lambar da ake samunsa a yanzu.